Yadda ake gano ma'anar da ake nufi idan kalmar Turanci tana da ma'anoni da yawa

Duk mai sauraron labaran duniya da Hausa ya saba jin "Gaɓar Yammacin Kogin Jordan". Sunan wurin da Turanci shi ne *West Bank*. Ya kuma saba jin "Bankin Duniya", wato *World Bank*. Kalma ɗaya ce a ƙarshen sunayen biyu, rubutu ɗaya, furuci ɗaya, amma a na farko gaɓar kogi ake nufi, a na biyu gidan kuɗi. Wanda ya fassara na farkon da "Bankin Yamma" ba rashin jin Turanci ne ya kayar da shi ba. Ma'anar da ya fara sani ce ta riga sauran zuwa kansa, shi kuma bai tsaya ya tuhume ta ba.

Wannan abu ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Muna cewa kare yana haushi, muna kuma cewa wane ya ba ni haushi. Muna cin tuwo, mu ci jarrabawa, mu ci bashi, a ci kasuwa, wani ya ci amana. Ba wanda ke ruɗewa, saboda ba ma jin "ci" ita kaɗai, tare da abin da ya biyo bayanta muke jin ta. Wannan dabarar da kunnenka ya iya tun kana yaro ita ce za ka koya wa idonka a Turanci, sai dai a nan da gangan za ka riƙa yi, mataki bayan mataki, har ya zame maka jiki.

Akwai wani tarko da ya fi kama mu musamman. Kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci galibi da ma'ana ɗaya ko biyu kawai suka shigo. Banki a Hausa wurin kuɗi ne kawai. Kotu wurin shari'a ne, alhali *court* kan zama filin wasan tanis ko fadar sarki. Tebur na ɗora kaya ne, amma *table* a littafin lissafi jadawali ne. Caji na waya ne, ko kuɗin da aka yanka maka, amma *charge* a labarin kotu tuhuma ce. Saboda haka kalmar da ka fi jin ka san ta, ita ta fi cancantar ka yi mata kallo na biyu. Baƙuwar kalma ba ta da haɗari sosai, don dole za ta tsayar da kai.

Haddace ma'anoni kuwa ba mafita ba ce. Lokacin da masu babban ƙamus na Oxford suka sake bitar aikatau ɗin nan *run*, sun fitar masa da ma'anoni 645. Ba Baturen da ya haddace su. Da jimla yake gane wadda ake nufi, kai ma haka za ka yi.

Da farko, rufe kalmar ka karanta jimlar har ƙarshe

Yawancin kuskure daga tsayawa a tsakiyar jimla yake faruwa. Mutum ya zo kan *bank*, hoton layin masu cirar kuɗi ya faɗo masa, sai ya riƙa lanƙwasa sauran jimlar don ta dace da hoton. Maganin wannan shi ne ka sa yatsa a kan kalmar, ka karanta jimlar kamar akwai gurbi a wurin, har ka kai ga aya. Duba wannan:

*The women washed their clothes on the ____ and spread them on the grass to dry.*

Mata, wanki, ciyawa, shanya. Ko ba ka taɓa jin kalmar da aka cire ba, ka san bakin ruwa ake magana. Idan ka ɗaga yatsa ka ga *bank*, ba sauran gardama. Sau da yawa abin da zai warware maka yana bayan kalmar ne, ba gabanta ba, shi ya sa gaggawa ke cutarwa.

Na biyu, tambayi aikin da kalmar take yi

Wannan ne matakin da ya fi rage aiki, kuma shi ɗalibai suka fi tsallakewa. Kafin ka tambayi ma'ana, gano ko kalmar suna ce, ko aikatau, ko sifa. Turanci yana nuna haka da ƙananan alamu da ke kewaye da ita. Idan *a*, *the*, *his* ko *this* suka zo gabanta, suna ce, ko kuma sifa ce da sunan ke biye da ita. Idan *to*, *will*, *can* ko *did not* suka zo gabanta kai tsaye, ko ta ɗauki *-ed* ko *-ing* tana bayan mai aikin, galibi aikatau ce. Na ce galibi, domin *to* kan zo gaban sunan wuri ma, kamar *to school*.

Mu ɗauki *bark*. Tana nufin ɓawon itace, tana nufin haushin kare. A *The dogs barked all night*, *-ed* ya gaya maka aiki ne, karnuka ne suka yi shi, sun kwana suna haushi. A *The bark of the neem tree is bitter*, *the* da *of* sun gaya maka suna ne, ɓawon darbejiya ne mai ɗaci.

To idan duka biyun suna ne fa? Nan ma nahawu bai bar ka haka ba. Ɓawon itace a Turanci yana cikin abubuwan da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko yashi, don haka ba a sa masa *a*. Sai dai a ce *a piece of bark*, guntun ɓawo. Haushin kare kuwa ana ƙirga shi: *a loud bark*, *two short barks*. Da ka ga *a bark*, kusan kullum sauti ne. Da ka ga *bark* tsirara ba komai a gabanta, kamar a *Quinine comes from bark*, ɓawo ne, kuma gaskiya ne daga ɓawon itacen sinkona aka samo kwinin ɗin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi. Wannan bambanci na abin ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa yana raba ma'anoni a kalmomi da dama. *Paper* takarda ce, *a paper* jarida ce ko maƙala. *Glass* gilashi ne, *a glass* kofin gilashi, *glasses* kuma sau da yawa tabarau. *Room* ba tare da *a* ba sarari ne, kamar a ce babu wuri a mota, *a room* kuwa ɗaki.

Sai ka lura da wanda ya yi aikin. *The sergeant barked an order* ba kare a ciki. Saje ne, kuma abin da ya fito daga bakinsa umarni ne. An ari muryar kare an ba mutum, ma'ana ya daka tsawa.

Na uku, dubi abokan tafiyarta

Kowace ma'ana tana da kalmomin da ta saba tafiya da su. Bankin kuɗi yana yawo da *account*, *loan*, *deposit*, *manager*, *branch*. Gaɓar kogi tana yawo da *river*, *steep*, *muddy*, *flood*, *opposite*. Ɓawo yana zuwa da *strip*, *peel*, *rough*, *trunk*. Idan ka ga biyu ko uku daga gida ɗaya, ka samu hanya.

Amma waɗanda suka fi ba da amsa mai kaifi su ne ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa: *on*, *in*, *at*, *with*, *for*, *of*. Kuɗi suna *in the bank*, ma'aikaci yana aiki *at the bank*, amma masunci yana zaune *on the bank*. Ba a zama a kan gidan banki. *Interest in politics* sha'awar siyasa ce, *interest on a loan* kuɗin ruwa ne a kan bashi. Harafi ɗaya ne ya raba *in* da *on*, ma'ana kuwa ta yi hannun riga. Haka *charge*: *charged with theft* an tuhume shi da sata, *charged for the repair* an caje shi kuɗin gyara, *in charge of the store* shi ne mai kula da sito, *charged at the crowd* ya afka wa taro. Duk wanda zai ware lokaci ya haddace wani abu, to waɗannan haɗe-haɗen ya kamata ya haddace, ba jerin ma'anoni ba.

Akwai inda wannan mataki ke yaudara, kuma ya kamata ka san shi. *You are barking up the wrong tree* tana ɗauke da *tree*, sai mai gaggawa ya ce ai ɓawo ne. Ba shi ba ne. *Are barking* aikatau ne, hoton kuma na karen farauta ne da ke haushi a gindin bishiyar da naman ba ya kai. Ana faɗar ta ga wanda ya ɗora zargi a kan wanda ba shi ba, ko yake neman abu inda babu shi. Shi ya sa mataki na biyu yake gaba da na uku: idan nahawu da maƙwabtan kalma suka saɓa, nahawu za ka bi. *Branch* ma haka take, tana gidan banki a matsayin reshen ofis, tana gidan itace a matsayin reshen bishiya, don haka ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Na huɗu, ɗaga kai ka ga maganar me ake yi

Idan jimlar ba ta warware ba, sakin layin zai warware. *He went down to the bank early in the morning* ba ta gaya maka komai tabbatacce. Koma jimla biyu baya, ka leƙa biyu gaba. In ka tarar da kwalekwale da taru, kogi ne. In ka tarar da albashi da cak, banki ne. Fannin rubutun ma alama ne: *cell* a darasin ilimin halittu ƙwayar halitta ce, a labarin 'yan sanda ɗakin tsare mutane, a kimiyyar lantarki batir. Marubuci kuma yakan riƙe ma'ana ɗaya a sakin layi guda, sai fa in da gangan yake wasa da kalma, ko mai shirya jarrabawa ne da ke son gwada ka.

Na biyar, sai yanzu ka buɗe ƙamus

Ƙamus na zuwa ne bayan ka riga ka yi hasashe, don ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka. Wanda ya fara da shi yakan ɗauki ma'ana ta ɗaya ya rufe, ƙamusun waya kuma sun ƙara lalata abin, don ta saman kaɗai ke bayyana sai ka gangara ƙasa.

Ka nemi ƙamusun da aka yi domin masu koyo, irin *Oxford Advanced Learner's Dictionary* da ya cika makarantunmu. Tunda ka san ko suna kake nema ko aikatau, tafi sashen kai tsaye, rabin aikin ya ƙare. Duba alamar *C* ta abin da ake ƙirgawa da *U* ta wanda ba a ƙirgawa. Sannan, maimakon ka tsaya kan bayanin ma'ana, karanta jimlolin misali, ka nemi wadda ƙirarta ta yi kama da taka. Idan ba ka ga komai ba, gangara ƙarshen bayanin kalmar, inda ake jera salon magana da aikatau masu ɗauke da ƙaramar kalma, irin *bank on* da *break the bank*. Mutane da yawa ba su san akwai wannan sashe ba.

Wasu ƙamusun suna raba kalmar gida biyu su sa mata lamba, *bark* ta ɗaya da *bark* ta biyu. Dalili shi ne asalinsu daban, rubutu ne kawai ya haɗa su. Ta ɓawo daga harshen mutanen arewacin Turai na da ta shigo, ta haushi kuwa daga tsohon Turanci take. Bankin kuɗi ma ta wata hanya dabam ya zo, daga kalmar Italiyanci ta teburin da 'yan canji ke zama a bayansa. Amfanin sanin wannan a aikace shi ne: ma'anonin da suka fito daga tushe ɗaya ana iya cinko su, waɗanda ba su haɗa tushe ba kuwa sai an koya. Wanda ya san banki wurin ajiya ne zai gane *blood bank* wurin ajiyar jini ne a asibiti, *question bank* kuma tarin tambayoyin da aka tanada. Amma ba tunanin da zai kai shi daga kuɗi zuwa gaɓar kogi.

Na ƙarshe, gwada ta a gurbin

Ɗauki ma'anar da ka zaɓa ka mayar da ita cikin jimlar, ka faɗi jimlar duka da Hausa. In ta fito maganar da mai hankali zai iya faɗa, kuma ta zauna daidai da jimlar gaba da ta baya, ka dace. In ta fito abin dariya, ba marubucin ne ya yi shirme ba, zaɓinka ne.

Mu bi sakin layi ɗaya tare

Ga wani da na shirya a kan irin ambaliyar da ta auka wa Lokoja a 2012 da 2022, garin da kogin Neja da na Binuwai suka haɗu:

*After days of heavy rain, the river burst its banks. Farmers who had banked on a good harvest watched the current sweep their crops away. The bank has agreed to suspend interest on their loans until the water level falls, and relief has started to arrive.*

*Bank* ta fito sau uku, kowanne da fuskarsa. Na farko *its banks*: *its* ya nuna suna ne kuma mallakin kogi ne, ga jam'i, domin kogi gaɓa biyu gare shi. Kogi ya cika ya tumbatsa ya ƙetare gaɓoɓinsa. Gwada ɗaya ma'anar ka ji: kogi ya fasa bankunansa. Ba ta zauna ba.

Na biyu *had banked on*. *Had* da *-ed* sun ce aikatau ne, don haka gaɓa da gidan kuɗi duk sun fita. Saura a tantance tsakanin aikatau ɗin da ke nufin zuba kuɗi a banki da wani dabam. *On* ce ta raba gardama, tare da abin da ya biyo ta, wato girbi mai kyau. Ba a kai girbin da bai zo ba banki. Manoman sun sa rai ne, sun dogara da samun amfanin gona.

Na uku *The bank has agreed*. Gaɓar kogi ba ta amincewa da komai. Abin da zai amince dole mutum ne ko hukuma, ga kuma *loans* a ƙarshen zancen. Wannan shi ne bankin da muka sani. Daga nan *interest* ta warware kanta: *on their loans*, kuɗin ruwa.

Saura uku da mai karatu zai iya wucewa bai lura ba. *Current* mun fi saninta da ma'anar "na yanzu", ko wutar lantarki. A nan *the* na gabanta, ba wani suna a bayanta sai aikatau *sweep*, saboda haka suna ce, kuma abu ne da ke share amfanin gona a cikin labarin kogi: ƙarfin gudun ruwa. *Falls* tana kusa da *water*, sai ta ja hankali zuwa ruwan da ke zubowa daga kan dutse, irin na Gurara. Amma *until the water level* na buƙatar aikatau ya cika shi, kuma *falls* ce kaɗai ke wurin: har sai ruwan ya ja baya. *Relief* kuma kan nufi sauƙin da mutum ke ji bayan damuwa, amma abin da ya fara isowa bayan bala'i kayan agaji ne.

Ga mai shirin WAEC ko NECO, wannan aikin shi ne ainihin tambayar da ke zuwa a ƙarshen sashen fahimtar karatu, inda ake ba ka kalmomi a ce ka kawo wata da za ta maye gurbin kowace kamar yadda aka yi amfani da ita a rubutun. Gano ma'ana rabin amsa ne, sauran rabin siga ce. Madadin *banked on* shi ne *counted on* ko *relied on*, ba *count on* ba, domin jimlar ta shuɗaɗɗen lokaci ce kuma *had* na gabanta. Madadin *falls* shi ne *drops*, da *-s* ɗinta. Madadin *relief* shi ne *aid*. Kada ka jera amsa biyu kana fatan mai duba takarda ya zaɓar maka ta daidai. Zaɓi ɗaya, ka karanta jimlar da ita a zuci, in ta shiga ba tare da ka taɓa wata kalma ba, rubuta.

Inda dabarar take gazawa

Kanun jarida su ne wuri mafi wuya, saboda ana cire musu *a*, *the* da *is*, wato alamun da mataki na biyu ya dogara da su. *Police probe bank collapse* na iya zama durƙushewar banki, na iya zama zaftarewar gaɓa. Kada ka ɓata lokaci a kan kanun, jimlar farko ta labarin za ta faɗa maka.

Sai kuma kalmomin da ma'anarsu ke canzawa da furuci, alhali rubutu bai nuna ba. *Refuse* in an ƙarfafa gaɓar farko shara ce, in an ƙarfafa ta biyu ƙin yarda ne. *Lead* na jagoranci da *lead* na dalma ba a furta su daidai. A sauraro kunne zai taimake ka, a karatu kuwa sai ka koma ga nahawu da maƙwabta.

Akwai kuma jimlar da da gaske take ɗaukar ma'ana biyu, ko an karanta gaba da baya. Mai karatu don kansa yana iya riƙe duka biyun ya ci gaba, wataƙila shafi na gaba ya fayyace. Mai fassara ba shi da wannan sararin, domin Hausa za ta tilasta masa ya ce banki ko ya ce gaɓa. In takardar mai nauyi ce, kamar yarjejeniyar filin noma da aka ce iyakarsa ta kai *the bank*, ko takardar asibiti, a koma wurin wanda ya rubuta a tambaye shi abin da yake nufi kafin a sa hannu ko a miƙa fassarar.